Alat ɗin kuɗi ya daina ƙara a wayata amma tallan banza na ta ihu

Maman Ilham: Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah masu ilimin waya ku taimaka min. Sati uku kenan manhajar bankin da nake karɓar kuɗin atamfa da ita ta daina ƙara in kuɗi ya shigo, sai na buɗe wayar na ja daga sama sannan in ga alat ɗin a can ƙasa ya lafe shiru. Amma wallahi in saƙon "karɓi bashi yau" ne ko na cin kyauta, har da tsakar dare sai ya yi ƙara ya tashe ni. Jiya wata kostoma ta turo kuɗin turmi huɗu tun ƙarfe goma, ni ina zaune ina jiran alat, direba na tasha yana kirana mota za ta tashi, sai bayan azahar na gani mota ta riga ta tafi. Matar ta ji haushi sosai kuma da gaskiyarta. Wayar ba a sailent take ba, na duba. Lasifikar ce ta fara mutuwa ko me?

Sarkin Gardama: Wa alaikumussalam. Hajiya ba lasifika ba ce tunda talla na ƙara. Kiyi clear data ɗin manhajar kawai ki sake shiga, magana ta ƙare.

Mai Gyara: A'a Hajiya dakata, kar ki taɓa clear data a manhajar banki tukunna. Zai fitar dake daga akawun, wata ma sai ta nemi a sake tantance wayar da OTP, in layin da kika yi rajista dashi baya kusa kin ɗauko wa kanki wata wahalar. Tambaya ɗaya zan miki, sati ukun da suka wuce akwai ranar da alat ya shigo a wurin da bai kamata waya tayi ƙara ba, kika danne shi da yatsa kika taɓa wani abu?

Maman Ilham: Ikon Allah. Eh an yi haka, ranar muna wurin ta'aziyya ana cikin addu'a kuɗi suka shigo sau biyu a jere, kunya ta kama ni na danne saƙon wani abu ya fito na zaɓi Silent. Amma ai saƙon nan ɗaya na yiwa

Mai Gyara: To shikenan an kama ɓarawo 😂 Ba saƙo ɗaya kika yiwa ba. A shago kusan kullum sai an kawo min irin wannan, mutum yazo yace a canza masa lasifika, in duba in ga lafiyarta lau.

Alhaji Babba: Ni ina ganin canel ɗin nan na WhatsApp ne ke jawo wannan. Tun da jikana ya sa min su wayar bata hutawa. Ki fita daga dukkansu ƴata.

Anti Injiniya: Baba Alhaji barka da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Wancan canel ɗin na WhatsApp daban ne, amma ka ambaci kalmar da ake nema ba tare da ka sani ba. Maman Ilham bari in miki bayanin abinda ya faru.

Tun daga Android 8, wanda ya fito a 2017, manhaja bata isa ta turo sanarwa haka kawai ba sai ta saka ta cikin wani rukuni. Mu masu rubuta manhaja canel muke ce masa, amma ke a cikin saitin zaki ga an rubuta categories. Mai manhajar ne yake ƙirƙirar rukunan ya basu suna, misali ɗaya na shigar kuɗi da fitarsu, ɗaya na talla, ɗaya na tsaro. Kowane rukuni da nasa sautin, nasa jijjigar, da matsayinsa, wato ko zai yi ƙara ko zai faɗo a saman sikirin ko kuma ya shigo shiru. To ranar da kika danne alat ɗin kika zaɓi Silent, rukunin da alat ɗin yake ciki gaba ɗaya kika rufe wa baki, duk wani alat da zai zo bayansa ya gaji wannan hukuncin. Talla kuwa nasa rukunin daban, baki taɓa shi ba, shi yasa yake ta cin karensa babu babbaka.

Maman Ilham: Innalillahi, ashe ni na yiwa kaina. To Anti ya zan mayar?

Mai Gyara: Mafi sauƙi ki sa wani a gida ya turo miki naira 100. In alat ɗin ya shigo kar ki share shi, ki danne shi kamar yadda kika yi ranar, zaki ga Default da Silent, ki mayar Default ki danna Done ko Apply. In wayar ta ɗan tsufa Alerting zaki gani a maimakon Default, abu ɗaya ne. Dalilin da yasa nace a turo kuɗin, ta haka ba sai kin yi ta canke wane rukuni bane, saƙon da kansa zai kai ki wurin.

In kuma kina so ki ga duka, ki shiga Settings, Apps, ki nemo manhajar, Notifications. Jerin na nan a ƙasa. Abinda mutane da yawa basu sani ba, sunan rukunin shi ma ana dannawa, ba makunnin gefe kaɗai ba. In kin danna kan rubutun ne zai buɗe miki wani shafi mai Sound da Vibration da Pop on screen da sauransu.

Maman Ilham: Na shiga. Guda uku na gani, Transactions, Promotions, sai General. Kuma gaskiya ne Transactions ɗin yana kan Silent 🙈 Na mayar. Promotions in kashe shi gaba ɗaya?

Anti Injiniya: Kashe shi, babu abinda zai taɓa miki. Shi General ki bar shi a kunne don bamu san me suke zubawa a ciki ba, wataƙila can suke turo gargaɗin an shiga akawun ɗinki daga wata waya. Sannan tunda kina ciki, a Transactions ki kunna Pop on screen ki kuma canza Sound ki zaɓi wani sauti da babu wata manhaja dake amfani dashi a wayarki. Ko kina kicin kika ji shi kin san kuɗi ne ba guruf ɗin ƴan biki ba.

Sarkin Gardama: Duk wannan wahalar banza ce Anti. Da zarar sun yi abdet za su mayar da tallan su kunna abinsu. Manhajar tasu ce fa, abinda suka ga dama suke yi

Anti Injiniya: Nan kam ba haka bane Sarki. Da zarar an ƙirƙiri rukuni a wayar mutum, sauti da matsayi sun fita daga hannun mai manhaja sun koma hannun mai waya. Sunan rukunin da ɗan bayanin da ke ƙasansa zai iya canzawa, amma in Maman Ilham ta kashe Promotions babu layin kod ɗin da zai rubuta ya kunna shi, ko abdet nawa zai turo. Saitin ba a cikin manhajar yake zaune ba, Android ne ke riƙe dashi. Abinda kawai zai iya shine ya duba ya ga an kashe, ya fito mata da roƙo a cikin manhajar yace don Allah kunna, har ya sa maɓallin da zai kai ta shafin kai tsaye. Amma yatsanta ne zai kunna.

Sarkin Gardama: To ni na ga da idona. Na kashe talla a wata manhajar sayayya, bayan wata biyu ya dawo. Aljanu ne suka kunna?

Anti Injiniya: 😂 Ba aljanu bane, kuma ban ce ƙarya kake ba. Ka koma ka duba jerin, ina kyautata zaton wanda ka kashe yana nan a kashe, sabon rukuni suka ƙirƙiro da wani suna suka koma turowa ta can. Wannan ƙofar a buɗe take, don sabon rukuni yana zuwa ne da matsayin da mai manhaja ya bashi. Ta nan kana da gaskiya.

Sarkin Gardama: Na duba. Offers a kashe yake, amma ga wani wai Deals for you da ban san da shi ba. To ai duk kanwar ja ce, tallan dai ya dawo.

Ɗan Kwamfuta: Anti Injiniya tunda an zo nan don Allah ki cece ni, kwana biyu ina fama. Na haɗa wa yayana ƙaramar manhaja ta gidan abincinsa, in an yi oda sanarwa ta shigo wayar yaron kanti. Da farko haka na rubuta

```
val ch = NotificationChannel("oda", "Sabuwar oda",
    NotificationManager.IMPORTANCE_LOW)
manager.createNotificationChannel(ch)
```

Sai yaya yace basa jin komai oda na wucewa. Na canza zuwa IMPORTANCE_HIGH na ƙara setSound da wani sautin ƙararrawa, na sake ɗora musu. A wayar abokina da bata taɓa ganin manhajar ba yana ƙara lafiya lau har yana faɗowa a sikirin, amma a wayar kanti shiru kamar maƙabarta. Kod ɗaya ne fa, fayil ɗaya na tura musu

Anti Injiniya: Ƙanina abinda muke faɗa yanzun nan ne ya cije ka ta ɗaya gefen. Wayar kanti ta riga ta san wani rukuni mai lamba "oda" tun ranar farko, an haife shi a LOW. Duk sanda manhajarka ta sake kiran createNotificationChannel da wannan lambar, Android zai duba yaga ai akwai shi, ya ɗauki sabon suna in ka canza, ya watsar da sauti da ɗaga matsayin, kuma ba zai baka wani kuskure ba balle ka gane. Saukar da matsayi ƙasa ana yarda maka in mai wayar bai taɓa saitin ba, amma ɗagawa sama babu. Wayar abokinka kuwa a HIGH aka haife shi.

Ɗan Kwamfuta: Ai na yi tunanin haka, shi yasa na sa deleteNotificationChannel("oda") kafin in sake ƙirƙira. Duk da haka bai yi ba

Anti Injiniya: Sun riga ka tunanin wannan dabarar. In ka goge rukuni ka sake ƙirƙira da lamba ɗaya, tsohon ne zai taso da duk saitinsa na da. Da ba haka ba ai kowane mai talla sai ya dinga gogewa yana sakewa kullum da safe. Mafita ka canza lambar

```
manager.deleteNotificationChannel("oda")
val ch = NotificationChannel("oda_2", "Sabuwar oda",
    NotificationManager.IMPORTANCE_HIGH)
ch.setSound(uri, attrs)
manager.createNotificationChannel(ch)
```

Ka lura setSound yana zuwa kafin create, in ka sa shi bayan an ƙirƙira ya makara. Sannan kar ka manta a NotificationCompat.Builder ma ka canza zuwa "oda_2", in ka bar tsohuwar lambar da ka goge sanarwar ba za ta fito ba kwata-kwata, sai dai ka gani a logcat. In kuma ta Firebase kake turowa, can ma akwai inda ake faɗin lambar rukunin, in baka gyara ba zata faɗa wani rukuni da zaka gani da suna Miscellaneous ka dawo kana cewa sautinka bai yi ba.

Amma fa tunda waya ɗaya ce tal a kanti, ni da nice kai da ban taɓa kod ba, in karɓi wayar in shiga saitin in ɗaga da hannu, minti ɗaya an gama.

Ɗan Kwamfuta: Kai, kwana biyu na ɓata a kan abinda yatsa zai gyara 😭

Sarkin Gardama: Yawwa. Kun gani ko? Yanzun nan Anti ta koya wa yaro dabarar da aka yi min da Deals for you. To ina amfanin kariyar?

Anti Injiniya: Dabara ɗaya ce ban musa ba. Bambancin shi gyara kuskurensa yake, su kuma kewaye hukuncinka suke. Kuma ba a ɓoye take ba, in manhaja ta goge rukuni akwai ɗan rubutu a ƙasan shafin dake faɗin adadin waɗanda aka goge, kamar 1 category deleted. In ka ga manhaja da lamba mai yawa a wurin ka san halinta. Sannan babban makunnin sama na nan, in ka kashe shi duk rukunin da za su ƙirƙiro a banza.

Sarkin Gardama: Babban makunni ai tun kafin 2017 akwai shi. Kenan mun dawo gidan jiya

Mai Gyara: A manhajar da masu ita basu da kunya, eh. Amma ka duba WhatsApp, Group notifications daban Message notifications daban, ni nawa guruf duk a Silent suke saƙon mutum ɗaya ne kawai ke ƙara. Gmail ma in kana da akawun biyu kowanne da nasa jerin. Da can ai sai dai ka kashe duka ko ka haƙura da duka, sai in mai manhajar ya ga dama ya sa maka zaɓi a ciki.

Maman Ilham: Yara sun turo min ɗari ɗin, ya yi ƙara har na firgita, sautin kaza na zaɓa 😂 Allah ya saka da alheri. Amma ga wata kuma, ɗayan bankin da nake ajiya a ciki na shiga nasu, abu ɗaya ne tal a jerin, wai General. Su ma suna damuna da talla.

Anti Injiniya: To wannan kam ba ni da maganinsa ƴar uwa. Sun zuba komai a tukunya ɗaya, alat da talla da gaisuwar sallah, Android kuma a yawancin wayoyi baya karanta saƙo ya raba miki, abinda mai manhaja ya bashi shi yake nuna miki. In kin yi Silent kin rasa ƙarar alat, in kin bari talla ya dame ki. Ki duba cikin manhajar kanta wajen saitin ko akwai inda ake kashe saƙon talla, wasu suna sawa a can. In babu, tunda ajiya kike ba ciniki ba, ki sa shi Silent ki huta.

Ɗan Kwamfuta: Gaskiya wasu ba mugunta bace lalaci ne. Nima da rukuni ɗaya na fara, don shine a darasin da na kalla

Mai Gyara: Wasu kuma sun sani sarai. Sun san ba zaka iya kashe alat ɗin kuɗinka ba shine suke goya tallan a bayansa.

Af Hajiya, ƙarar kaza ba shaidar kuɗi bace fa. In kuɗin da yawa ki buɗe manhajar ki ga balans kafin ki saki kaya, masu alat na bogi basu yi ritaya ba.

Uwargida Zinariya: Ni fa tun ɗazu nake bin ku ina dubawa a tawa, babu wani jeri. Allow notifications ne kawai sai Sound and vibration. Ko tawa ce jabu?

Mai Gyara: Wace iri ce Hajiya?

Uwargida Zinariya: Samsung ce, bara aka kawo min

Mai Gyara: Ba jabu bace. Daga One UI 6.1 jerin a ɓoye yake zuwa sai kin kunna. Settings, Notifications, Advanced settings, ki gangara ƙasa zaki ga Manage notification categories for each app, ki kunna shi. Sai ki koma manhajar zaki ga Notification categories ya bayyana a ƙasa.

Uwargida Zinariya: Ya fito! Kai ashe wata manhajar har goma sha take dasu

Alhaji Babba: To tunda ba WhatsApp ɗin bane, ni ga tawa matsalar. Kiran sallah da jikana ya sa min, azahar da la'asar da magariba da isha duk yana yi, amma na asuba da na fi buƙata shiru. Masallacin unguwa kuma in babu wuta lasifika bata tashi. Sau biyu ina makara a satin nan, abin kunya ga dattijo.

Mai Gyara: Baba da dare akwai alamar wata ko da'ira mai layi a tsakiya a saman wayar?

Alhaji Babba: Akwai wani ɗan jinjirin wata. Na ɗauka na manhajar sallar ne

Mai Gyara: Allah ya ja kwana Baba, wannan Do Not Disturb ne, da alama jikan ya saita shi ya dinga kunna kansa da dare don kar a dame ka. Shine ke danne kiran asuba. Ba sai an kashe shi ba, a bashi wayar ya shiga rukunin kiran sallah a cikin Notifications na manhajar, akwai Override Do Not Disturb, a Samsung kuma Ignore Do not disturb. In ya kunna wannan rukunin kaɗai zai tsallake shingen, sauran su ci gaba da yin shiru.

Anti Injiniya: Wannan shine abu na farko da za a gwada, amma Baba kar in maka alƙawari. Manhajojin kiran sallah ba hanya ɗaya suke bi ba. Wasu sautin rukunin ne kiran sallar, waɗannan maganar Mai Gyara zata yi musu. Wasu kuma sanarwar shiru ce, su suke kunna sautin da kansu kamar yadda ake kunna karatu, to su saitin rukuni bai shafe su ba, ƙarfin Media ko Alarm suke bi. A danna maɓallin ƙara sauti a buɗe duka layukan a gani ko an sauke wani ƙasa da dare. Abu na uku kuma wanda na fi zargi tunda asuba ce kawai, wayar ta kwana a ajiye awa shida bakwai babu mai taɓa ta, tsarin tanadin batir yana iya kwantar da manhajar ta kasa farkawa a kan lokaci. Rukuni baya tada manhajar da aka kwantar, aikinsa yana farawa ne bayan sanarwar ta iso.

Sarkin Gardama: Ai ni tun farko na san batir ne. Duk wayoyin nan haka suke

Mai Gyara: Tun farko clear data kace Sarki 😂 Yadda ake ganewa Baba, gobe da safe in ka tashi kar ka share komai, ka ja daga sama. In sanarwar asuba na nan da lokacinta daidai amma baka ji ba, matsalar sauti ce, ko Do Not Disturb ko ƙarfin sauti. In babu ita sam, ko sai da ka ɗauki wayar sannan ta shigo, to batir ne, sai a shiga Battery na manhajar a sa Unrestricted, in wayar na da Auto-start shima a kunna mata. In ka manta ka share, daga Android 11 akwai Notification history dake ajiye na awa 24, amma sai an kunna shi tun kafin, don haka jikan ya kunna yau.

Ɗan Kwamfuta: Anti wata tambaya. A takardun Google na ga HIGH da DEFAULT da LOW da MIN, amma tsohuwar wayar mamanmu mai Android 8 Urgent, High, Medium, Low take nunawa. Na sa HIGH ita kuma tana cewa Urgent

Anti Injiniya: Wannan ya rikita mutane da yawa. Sunan kod da sunan sikirin sun goce da mataki ɗaya. HIGH ɗinka shine Urgent, ƙara da faɗowa a sikirin. DEFAULT shine High, ƙara kawai. LOW shine Medium, babu ƙara amma alamar na fitowa a sama. MIN shine Low, babu ƙara kuma ko alamar bata fitowa a layin sama. Daga baya ne aka sauƙaƙa wa mutane ya koma zaɓi biyu, mai ƙara da marar ƙara, sai Pop on screen da Minimize suka zama makunnai a ƙarƙashinsu, amma a ciki matakan nan huɗu ne har yanzu. Kuma in akwai mai waya ƙasa da Android 8 a cikin masu amfani da manhajarka, shi bai san rukuni ba, setPriority ne ke masa aiki, sai ka sa duka biyun. A Android 13 zuwa sama kuma sai ka nemi izinin POST_NOTIFICATIONS tukunna, in mutum yace a'a duk rukunanka basu da amfani.

Shawara kuma, ka raba tun yanzu, sabuwar oda daban, soke oda daban, kuma ka rubuta sunayen da Hausa yadda yaron kanti zai gane. Ka ga dai yadda General ya bar Maman Ilham a tsaye.

Sarkin Gardama: Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Yaro ya yi kuskure na gaskiya an hana shi gyarawa, ƴan talla kuma sun sami hanyar zagayawa. Wa aka kare kenan?

Anti Injiniya: Ta ina Android zai bambance mai gyaran gaskiya da mai wayo? Kiran kod ɗinsu iri ɗaya ne. In aka buɗe wa ƙanina ya ɗaga nasa an buɗe wa mai Promotions ya ɗaga nasa a wayar Maman Ilham daren yau.

Sarkin Gardama: Sai a dinga tambayar mutum duk sanda aka ƙirƙiri sabon rukuni mana

Mai Gyara: Manhajar Uwargida mai goma sha fa? Tambaya goma sha a rana ɗaya, kowa Allow zai dinga dannawa ido rufe

Ɗan Kwamfuta: oda_2 ya yi aiki, yaya yace ƙararrawar ta yi yawa ma a rage 😅 kenan oda_3 zan yi?

Anti Injiniya: Kar ka soma. Ya shiga Sound ya zaɓi wanda yake so da hannunsa.

Alhaji Babba: Jikan ya tafi islamiyya, in ya dawo zan bashi ya karanta duk abinda kuka rubuta. Wannan jinjirin watan dai kar a cire min shi, ashe shi yasa nake samun barci. Gobe bayan asuba zan faɗa muku ko ya kira.